Magatakarda, ƙuri'a ko kwashe hira: wanne zai fito muku da matsayar guruf?

A ce guruf ne na WhatsApp na mazauna wata unguwa a Jekadafari, Gombe, an kwana uku ana maganar gyaran rijiyar burtsatse. Tsakanin gaisuwar Juma'a, sanarwar ɗaurin aure da gardamar ƙwallo, wani ya ce kowane gida ya ba da naira 5,000, wani ya ce 3,000. Can sai mai unguwa ya turo saƙon murya cewa gidaje 3,000, masu shago 5,000, aka yi ta amsawa da "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe." Yanzu ana son rubuta abin da aka tsayar.

Hanya mafi sauri ita ce Poll na WhatsApp, wato ƙuri'a. Tana ba da adadi a fili, amma ba ta karanta abin da ya wuce, sabon zaɓe take buɗewa. Kuma kowa yana ganin wanda ya zaɓi me, don haka yaro ba zai so a gan shi ya saɓa wa dattijo ba. Amfaninta sai an riga an rage magana zuwa zaɓi biyu ko uku.

Akwai kuma Export chat, wanda ke kwashe hirar zuwa fayil ɗin rubutu don a bincika kalma kamar "dubu" ko "gudummawa". Matsalarsa babba ce a wurinmu, domin manyanmu da murya suke magana. Idan aka kwashe ba tare da hotuna da sauti ba, maganar mai unguwa ba za ta fito ba, sai wanda ya karanta ya ɗauka 5,000 ce ta yi rinjaye saboda mai ita ya fi kowa maimaitawa.

Ni dai magatakarda na zaɓa, ko da yake shi ne mafi cin lokaci. Ya fara daga ƙarshen hirar ya yi baya, yana sa tauraro a kan duk saƙon da ya ambaci kuɗi, rana ko wanda zai yi aiki, ya kuma saurari kowace murya har ƙarshe. Abin da zai lura da shi sosai shi ne bambancin addu'a da amincewa. "Madalla" ba "na yarda" ba ce. Alamar an tsaya ita ce wanda ya kawo 5,000 ya janye da bakinsa, ko mutane sun fara tambayar lambar asusu.

Sai ya rubuta layi huɗu kacal: nawa, wa zai karɓa, zuwa yaushe, da abin da ba a gama ba, misali ko 'yan haya za su biya. Ya liƙa saƙon da Pin na kwana 7, ya ce duk wanda yake da gyara a rubutun ya yi magana kafin la'asar ɗin gobe.