Kebul ko ajiyar Google: wanne ya fi wajen komawa sabuwar waya?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi sabuwar wayar Android, har yanzu tana cikin kwalinta ban kunna ba. Tsohuwar mai 64 GB ce, hotuna da bidiyo kaɗai sun cinye wajen 40 GB, ga lambobin mutane, ga WhatsApp. Wani ya ce in haɗa su da kebul, wani ya ce Google zai dawo mini da komai. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, Malam. Gara da ba ka kunna ta ba. A yawancin wayoyi, shafin da ke cewa Copy apps & data yana fitowa ne sau ɗaya, lokacin da ake saita waya karon farko. In ka tsallake shi, sau da yawa sai ka yi wa sabuwar fomat kafin ka sake ganinsa.

Da kaya irin naka, hotuna da bidiyo su bi ta kebul, lambobi su bi ta asusun Google, WhatsApp kuma yana da tasa ƙofar daban. Duk mutanen biyu sun gaya maka gaskiya, sai dai kowannensu rabi ya faɗa.

A fara da hotuna, don a nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa. Google yana ba kowane asusu 15 GB kyauta, kuma wannan wurin Gmail da Drive da Google Photos ne ke rabawa. Tun daga 2024 ajiyar WhatsApp ma cikinsa take shiga. Ka ga 40 GB ba zai shiga ba sai ka sayi ƙarin wuri. Ko ka saya ma, akwai batun lokaci. In intanet ɗinka yana loda abu da gudun 5 Mbps, 40 GB zai ɗauki kusan awa 18, kuma duk data ce ke tafiya. Akwai zaɓin Storage saver da ke matse hoto zuwa 16 MP, bidiyo zuwa 1080p, yana rage nauyi sosai, amma abin da aka matse ba ya komawa yadda yake. Kebul kuwa ba ruwansa da data wajen kwashe hotuna. Ko tsohuwar tashar USB 2.0 ce, in ana samun 25 MB a daƙiƙa, lissafin 40 GB bai kai minti 30 ba. A aikace yakan wuce haka, saboda dubban ƙananan hotuna sun fi manyan bidiyo jan lokaci, don haka ka ware awa ɗaya zuwa biyu. Kuma hoton yana zuwa da ingancinsa na asali.

Akwai wani tarko a Google Photos da ke kama mutane da yawa. Yana loda foldar kyamara da kansa, amma sauran foldodi kamar Download da hotunan WhatsApp sai ka shiga saitin Backup ka kunna musu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin Back up device folders. Mutum zai ga an rubuta Backup complete ya saki jiki, alhali rabin hotunansa ba su je ko'ina ba. Sannan hotunan da aka loda ba sauka suke yi cikin sabuwar waya ba, suna can a intanet ana nuna maka su. Ranar da babu data, tsohon bidiyo ba zai buɗe ba. Kuma in ka goge hoto daga cikin Google Photos a tsohuwar waya don "ai yana sabuwar", to ka goge shi a duka biyun.

Yadda ake yi da kebul kuwa, ka caja wayoyin biyu su haura kashi 80, domin yayin aikin, waya ɗaya za ta riƙa jan wuta daga ɗayar kuma babu tashar da za ka sa caja. In duka USB-C ne, kebul mai kai USB-C biyu ya isa. In tsohuwar micro-USB ce, kana buƙatar ƙaramin mahaɗin OTG a gefen sabuwar, sai ka soka kebul ɗin tsohuwar a cikinsa. Kunna sabuwar, haɗa ta da Wi-Fi, zaɓi Copy apps & data, buɗe makullin tsohuwar, sannan ka haɗa su. Tsohuwar za ta nemi amincewarka da lambar buɗe ta. Daga nan sabuwar za ta jero abin da za ta kwasa tare da nauyin kowanne, sai ka cire abin da ba ka so. In ka haɗa ka ga caji kawai take yi, babu saƙon komai, kusan kullum laifin kebul ne: akwai masu arha da aka yi don caji kaɗai, babu wayoyin data a cikinsu. Canza kebul kafin ka zargi wayar. In aikin yana yankewa a tsakiya, duba bakin tashar tsohuwar, datti ko sakwarkwacewa ne ke jawo haka, sai ka ajiye su a kan tebur ka bar taɓa su.

Lambobin mutane su ne abin da ya fi ciwo in ya ɓata, kuma su ne mafi sauƙin tsarewa in an fahimci inda suke zaune. Lamba tana iya zama a wuri uku: cikin SIM, cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Manhajar Contacts tana haɗa su duka a jeri ɗaya, shi ya sa ba ka ganin bambancin. Waɗanda ke asusun Google ba sa buƙatar kebul ko wata dabara, kana shiga asusun a sabuwar waya za su sauko. Na SIM suna bin SIM ɗin, sai dai katin kan ɗauki kimanin 250 ne, suna ɗaya lamba ɗaya, yana kuma gutsure dogon suna. Na cikin wayar kanta su ne ke ɓacewa.

Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe contacts.google.com a burauza ka ga adadin da ya nuna, ka kwatanta da na wayarka. A ce waya ta nuna 900, shafin ya nuna 520: lambobi 380 suna SIM ko cikin waya. Sai ka shiga Contacts a tsohuwar, ka nemi Export, ya fitar maka da fayil mai ƙarewa da .vcf, sannan ka yi Import ɗinsa kana zaɓar asusun Google a matsayin masauki. A manhajar Contacts ta Google waɗannan suna ƙarƙashin Fix & manage ko Organize, gwargwadon sigar da kake da ita. In sunaye suka ninku, Merge & fix zai haɗe su. Kebul ma yana kwaso lambobi, amma ni dai ba zan dogara da shi kaɗai ba, domin matsalar da ka baro za ta iya biyo ka: lambar da ba ta shiga asusu ba, ranar da waya ta faɗa ruwa ta tafi ke nan. Ka tura wa kanka fayil ɗin .vcf ta imel ma, nauyinsa kaɗan ne.

A manhajoji, hanyoyin biyu kusan kunnen doki suka yi. A duka biyun, sabuwar waya tana karɓar jerin sunayen manhajojinka ne ta sake sauke su daga Play Store, don haka intanet dole ne ko da kebul ka bi. Manhajar da ka sa daga fayil ɗin APK, wadda ba ta Play Store, ba za ta zo ba. Ta banki za ta zo amma babu shigarka a ciki, da gangan aka yi haka don tsaro, sai ka sake shiga da kalmar sirri da lambar da za a turo ta SMS. Saboda haka ka mayar da SIM sabuwar waya kafin ka fara buɗe su. In kana amfani da Google Authenticator, duba ko yana haɗe da asusunka. In ba ya haɗe, bi Transfer accounts ko Transfer codes, gwargwadon sigar, sannan Export, ka ɗauki lambar QR da sabuwar tun tsohuwar na hannunka.

Ajiyar Google tana da sharuɗɗa uku da ba a cika faɗa ba. Lokacin dawo da ita za a tambaye ka lamba ko zanen buɗe tsohuwar waya, don da shi aka kulle ajiyar. Ba ta sauka a wayar da sigar Android ɗinta ta gaza ta tsohuwar. Kuma in tsohuwar ta yi kwana 57 ba a yi amfani da ita ba, Google yana goge ajiyar, ban da hotunan da ke Google Photos. Duk da haka, shiga Settings, Google, Backup, ka danna Back up now kafin ka fara komai. Saƙonnin SMS da tarihin kira da saitin waya ne ke ciki, ba su da nauyi, kuma su ne madogararka in kebul ya ƙi.

WhatsApp kada ka bar shi ga sa'a. A tsohuwar shiga Settings, Chats, Transfer chats. A sabuwar ka yi rajista da lambar nan dai, za ta nuna QR, ka ɗauka da tsohuwar, hirarraki da hotunansu su wuce kai tsaye tsakanin wayoyin ba tare da sun taɓa 15 GB ɗinka ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe WhatsApp a sabuwar da gaggawa a tsallake shafin dawo da hira. Daga nan sabuwar za ta iya yin tata ajiyar wofi ta danne ta da.

In sabuwar Samsung ce, Smart Switch yana yin aikin kebul ɗin nan, kuma ana iya buɗe shi ko bayan an gama saita waya. Xiaomi na da Mi Mover, Oppo na da Clone Phone. Quick Share da Xender na tura fayil ne kawai, sun dace da 'yan foldodin da suka rage, ba da ƙaura gaba ɗaya ba.

Bayan an gama, kwatanta adadin hotuna da na lambobi a wayoyin biyu. Abin da ke Secure Folder ko Locked Folder kada ka ɗauka ya bi sahu, fito da shi fili ka tura da hannu. Duba rikodin murya da foldar Download, in kuma akwai katin memori a tsohuwar, cire shi. Riƙe tsohuwar kamar mako biyu ba tare da ka goge komai ba, don sai ana amfani da sabuwar ake gano abin da bai zo ba. Ranar da za ka sayar ko ka bayar, fara cire asusun Google daga Settings kafin ka yi Factory reset, in ba haka ba wayar na iya tsayawa tana neman kalmar sirrinka a hannun wanda ya karɓa.