Jawo allo kusa: lokacin ɗauka ko bayan an gama?

"Salamu alaikum jama'a. Ina so in ɗauki bidiyon koyar da Excel don malaman makarantarmu a Daura, yadda za su fitar da sakamakon ɗalibai. Na gwada sau biyu, suna cewa ba sa ganin kibiya a waya, rubutun kuma ƙanana. Wani ya ce OBS, wani ya ce Camtasia. Wanne ya fi? Laftof ɗina tsohuwa ce, allonta 1366x768."

Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin waɗannan biyun na gaskiya yana wajen lokacin da ake jawo allo kusa. Da OBS Studio, wanda kyauta ne, kina jawowa ne kina cikin magana, duk abin da kika yi haka zai zauna a bidiyon. Da Camtasia, wanda na kuɗi ne, sai kin gama ɗauka tukuna ki zauna ki zaɓi inda za a jawo. Ni da na yi ta ɗaukar irin waɗannan darussa a shagonmu nan Katsina, ga laftof irin taki hanya ta farko zan ba ki, amma bari in ba kowanne haƙƙinsa.

Abin da Camtasia ya fi kowa a kai shi ne kibiya. Yana ajiye motsinta daban da hoton allo, don haka bayan kin gama kina iya ƙara mata girma, ki sa mata haske, ko ki ɓoye ta a inda take ta yawo ba dalili. In kin manta ba ki jawo wani wuri ba, ba sai kin sake ɗauka ba. To amma lissafa wannan: allo mai 1366x768, in aka jawo shi ninki biyu, abin da mai kallo ke gani ɗigo 683x384 ne kawai aka miƙar su cika fuska. A haɗa da matsewar da WhatsApp ke yi wa bidiyo, sai lambar 3 da 8 su zama 'yan biyu. A darasin maki kuwa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ga kuma nauyinsa ga tsohuwar na'ura, kina gyara tana numfashi.

OBS shi kuma ba ya zuwa da abin jawowa mai bin kibiya, sai an haɗa masa mataimaka. Kafin ma ki kai ga su, ki fara da Excel ɗin kansa: a ƙasan dama akwai ma'aunin girma, ki kai shi 150%. Wannan ya fi kowace irin jawowa, domin Excel sake zana rubutun yake yi tas, ba miƙar da hoto yake ba. Darasinki bai wuce layi goma da ginshiƙi bakwai ba, duk za su shiga. Kibiya kuma a Windows 11 ki bi Settings > Accessibility > Mouse pointer and touch, ki kai girmanta 3, ki ba ta launi mai ƙarfi. In kin saka PowerToys na Microsoft, Win+Shift+H yana kunna Mouse Highlighter, duk dannawar hagu sai da'ira ruwan ɗorawa ta bayyana. Mai kallo zai san kin danna, ba wucewa kawai kika yi ba.

Abin da ya rage shi ne maɓallan sama da sandar rubuta fomula, waɗanda 150% ba ya taɓa su. Nan ZoomIt ke shigowa, shi ma kyauta ne daga Microsoft. Ctrl+1 yana daskarar da allo ya jawo shi, ki nuna, ki danna Esc ki dawo. Ctrl+4 yana jawowa kina ci gaba da aiki. Sai dai akwai tarko, kuma na faɗa cikinsa: a Excel Ctrl+1 shi ne Format Cells. Ran nan ina cewa "yanzu mu buɗe Format Cells", na danna, allo ya yi tsalle ya cika min ido, sai da na sake minti shida. Ki shiga saitin ZoomIt ki sauya maɓallansa kafin ki fara. Sannan a OBS ki zaɓi Display Capture, kada ki ɗauki Window Capture, domin na biyun taga ɗaya yake kallo, jawowar da da'irar duk ba za su fito ba. Ki ɗauki gwajin daƙiƙa goma ki tabbatar kibiya na nan lokacin da aka jawo.

Magana kuwa, ko wanne kika zaɓa doka ɗaya ce: baki ya riga hannu. Ɗauki matakin fitar da matsakaicin maki, a ce makin darussa huɗu na ɗalibi na farko yana C2 zuwa F2. Ki ce "za mu danna gidan G2", sannan ki kai kibiya a miƙe, ki tsaya kamar daƙiƙa ɗaya, ki danna, ki ɗauke hannu daga maus. Yanzu ki jawo sandar fomula, ki rubuta kina faɗa:

```
=AVERAGE(C2:F2)
```

Ki ambaci alamar daidai da ɗigo biyun nan da baki, don su ne malamai ke yawan mantawa. Ki yi shiru daƙiƙa biyu kafin Enter, wanda zai tsayar da bidiyo ya kwafa ya samu dama. Sai ki koma cikakken allo kafin ki ja ƙaramin ɗigon kusurwar G2 zuwa ƙasa, in ba haka ba mutum zai ga lambobi sun cika bai san daga ina suka fito ba. Jawowa ɗaya ta isa wannan matakin. Kuma ki guji kewaya abu da kibiya kamar mai dama fura, a waya jiri yake sawa. Kalmomin "nan" da "can" su ma ki bar su, ki kira sunan maɓallin yadda aka rubuta shi.

Anan ne OBS ke da tsada, duk da ba a biyan ko sisi: baki na magana, hannu ɗaya na maus, ɗaya na jiran maɓallin jawowa. Sai kin rubuta matakan a takarda kin yi gwaji sau ɗaya ko biyu. Ki yanka darasin gunduwa-gunduwa, minti uku zuwa huɗu, in kin yi tuntuɓe guntu ɗaya za ki sake. Wanda ke yin darussa masu tsawo don sayarwa, yana da allo 1920x1080 da na'ura mai ƙarfi, shi ne kuɗin Camtasia zai yi wa rana.

Sauti ba ya buƙatar dogon bayani. Makirfon ɗin iyafis na waya ya fi na jikin laftof, wanda ke kwasar ƙarar madannai. Ki kashe fanka ko da zafi ya matsa, ki ƙara Noise Suppression a Filters na makirfon, ki duba ma'aunin murya yana wasa a ruwan ɗorawa bai shiga ja ba. Ni bayan sallar asuba nake ɗauka, kafin janaretocin maƙwabta su tashi.

A Settings > Video ki bar Base da Output duka a 1366x768, FPS 30. A Settings > Output kuma, Recording Format ki sa mkv, don in batir ya mutu tsakiyar ɗauka abin da aka riga aka ɗauka ba zai lalace ba. Bayan kin gama, File > Remux Recordings zai mayar da shi mp4. Wajen turawa a WhatsApp ki tura shi a matsayin Document, ba ya matse shi. Ki fara tura wa kanki, ki juya wayar a kwance, ki ga ko kina iya karanta abin da ke G2 ba tare da kin matso da ita fuska ba.