Sharhi: wata uku ina fassara wa Baba tambayoyin da wayarsa ke yi masa

Baba manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, yana karanta ajami da Hausar boko sosai, amma Turanci bai shige shi ba. Da ƙanena ya aiko masa da babbar waya daga Birnin Kebbi, abin da ya fara damunsa shi ne ɗan akwatin nan da ke fitowa tsakiyar fuskar waya yana neman izini duk lokacin da aka sa sabuwar manhaja. Ni kaina Turancina na sakandare ne, kuma ba na son in ce masa "danna nan" alhali ban tabbatar ba. Shi ya sa na sauke wata manhajar fassara wadda ake nuna wa rubutu da kyamara ta juya shi zuwa Hausa. Wata uku ke nan ina aiki da ita, ga abin da na gani.

Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce waya biyu. Akwatin ya fito a wayar Baba, sai in ɗora tawa a kai kamar mai ɗaukar hoto, fassarar ta bayyana. Da waya ɗaya ma ana iya yi: a danna maɓallin kunnawa da na rage sauti lokaci guda a ɗauki hoton fuskar wayar, sannan a shigar da hoton cikin manhajar. Sai dai wannan ya fi ɗaukar lokaci, kuma ko ta wace hanya manhajar tana son data. A gona, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sau biyu ta tsaya tana juyi har muka haƙura.

A kan tambayar izinin kyamara ta yi aikinta. Tambayar ita ce "take pictures and record video", ta ce a ɗauki hotuna da bidiyo, ba ƙari ba ragi. A kan wurin da mutum yake ma ta burge ni, domin ta raba zaɓi ukun nan yadda Baba ya gane nan take. "While using the app" ta ce yayin amfani da manhajar, "Only this time" ta ce wannan karon kawai, "Don't allow" ta ce kar a bari. Wayar Baba tana kan Android 12, saboda haka akwai ƙananan taswirori biyu a sama, ɗaya "Precise" ɗaya "Approximate". Manhajar ta ce "daidai" da "kimanin". Baba ya dube ni ya ce, "Kimanin mi?" Sai da na yi masa bayani da bakina: na farko zai nuna har ƙofar gidanmu, na biyu kuwa yankin kawai zai nuna, a san kana cikin Argungu wajen kaza amma ba a san zauren da kake zaune ba. Manhajar hasashen yanayi ce ke tambaya, kuma hadarin da zai zubo a gidan tarihin Kanta shi zai zubo a unguwarmu, don haka muka ba ta na biyun.

Inda ta ba ni kunya shi ne kalmar "contacts", kuma nan ne ya fi kowane haɗari.

Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, wayar tana kan buzunsa kusa da buta. Wani yaro a kasuwa ya sa masa manhajar bashi, wai za a ba shi kuɗin taki ba jingina. Ta tambaya: "access your contacts". Na ɗora wayata, fassarar ta fito da "samun dama ga abokan hulɗarka". Baba ya ce, "To ai ba laifi, abokan hulɗata mutanen kirki ne, su san su." A fahimtarsa ana nufin dillalan shinkafa biyu ko uku da yake ciniki da su, kamar yadda ake neman shaida idan za a ba mutum rance. Na ce, "Baba, ku dakata, ba haka ba ne." Abin da kalmar ke nufi shi ne duk lambar da aka taɓa ajiyewa a wayar, da sunan da aka rubuta mata: surukai, limamin masallacinmu, mai unguwa, 'ya'yansa mata da ke gidajen aure. Na buɗe jerin na nuna masa, sun haura ɗari uku. Ya yi shiru, ya ce, "Har da Malam?" Na ce har da shi.

Akwai abin da fassara ba za ta taɓa nuna maka ba, don ba a rubuce yake ba. A tambayar kyamara da ta wuri akwai zaɓi uku, amma a ta lambobi biyu ne kawai, "Allow" da "Don't allow". Babu "wannan karon kawai". Kuma in ka bari, manhajar tana iya kwashe jerin gaba ɗaya ta aika wa masu ita cikin daƙiƙoƙi. Ko ka je ka janye izinin daga baya, ƙofar ka rufe, abin da aka fitar ya riga ya fita. Da wannan jerin ne wasu masu ba da bashi ta waya ke aika wa dangin mutum saƙon tozarci idan ya yi jinkirin biya. Abin ya yi yawa har a 2023 Google ta hana manhajojin bashi da ke shagonta neman lambobin mutane da hotunansu. Wannan ya ba ni alama mai sauƙi: manhajar bashi da har yau take neman lambobi, akwai alamar tambaya a kan inda aka samo ta. Da na bincika, ta Baba tura masa ita aka yi daga waya zuwa waya. Muka danna "Don't allow", ta ƙi buɗewa, muka goge ta.

Ba kowace mai neman lambobi ce abin tsoro ba, kar a ce na faɗa. WhatsApp yana buƙatarsu don ya nuna maka sunayen waɗanda kake hira da su. Tambayar da nake yi wa kaina yanzu bayan na karanta fassarar ita ce ko aikin manhajar yana da alaƙa da abin da take nema. Tocila ba ta da hulɗa da surukan Baba.

Daga baya na yi amfani da manhajar fassarar wajen bin tsofaffin izinin da aka riga aka bayar. A wayarsa hanyar ita ce Settings, sai Privacy, sai Permission manager, ko da yake sunayen kan ɗan bambanta tsakanin waya da waya. A can an jera kyamara, wuri da lambobi, kowanne da manhajojin da aka bari. Mun tarar da wasan yara da jikokinsa suka sa yana riƙe da izinin wuri, muka cire. Na kuma nuna masa koren ɗigon da ke bayyana a kusurwar sama idan kyamara ko makirfo na aiki, ya ce wannan ya fi masa kowace fassara, tunda ba ya buƙatar karatu.

Zan ci gaba da amfani da manhajar, kuma na sa wa ƙanwata ita a wayarta. Amma na rubuta mata a takarda cewa duk inda ta ga "contacts", ko me fassarar ta ce, ta karanta shi a matsayin dukkan lambobin wayarta. Baba kuwa ya ce in ba na gida, zai danna na ƙasa, wato "Don't allow", ya jira in dawo.