Waƙar da ya kamata ka tura a waya kafin ranar intabiyu

Idan ka tsaya wurin mai tura waƙa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka ce kana son abin da zai kwantar maka da hankali, waɗanda ake yayi zai zuba maka a memori. Kada ka biya tukuna. Ce masa: "Malam, ɗan kunna mini in ji." Sai ka bi kiɗan da yatsa, ka ƙirga bugunsa cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. In lissafin ya faɗa tsakanin 60 da 80, ya yi kusa da bugun zuciyar mutumin da ke zaune lafiya. In ya haura 100, kiɗan rawa ne.

Da wannan ma'aunin, yawancin kiɗan kalangu na biki sun fita. Suna sa ƙarfin gwiwa, ban musa ba, amma mai faɗuwar gaba zuciyarsa ta riga ta ɗau gudu, ba ta neman mai zuga ta. Waƙoƙin soyayya masu sanyi kuwa matsalarsu baituka. Ƙanena ya tafi Dutse neman aikin koyarwa, ya sha irinsu a mota tun daga gida. Da aka ce ya gabatar da kansa, amshin waƙar ne ke masa yawo a ka, jawabin da ya kwana yana bita ya ɓace masa. Har yau abin yana damuna, don ni na zaɓa masa su.

Ni dai zaɓina kiɗan tsirkiya ne mai tafiya a hankali, gurmi ko garaya, ko busar sarewa irin ta makiyaya wadda babu magana a cikinta. Wanda ya saba da bege, ya nemi wanda ake rerawa da murya zalla ko da mandiri mai sauƙi, saboda wasu mandirin yakan yi zafi can wajen ƙarshe. Saurari ƙarshen kafin ka karɓa.

Kuma tsohuwar waƙar da kunnenka ya sani ta fi sabuwa, domin sabuwa tana sa ka kasa kunne kana jiran abin da zai biyo. Uku sun isa. Ka yi mako guda kana jin su da dare, kana shaƙar iska cikin ƙirga 4, kana fitarwa cikin ƙirga 6, har jiki ya saba. Idan bayan waƙa biyu kafaɗunka sun sauka, numfashi ya daina tsayawa a ƙirji, ta karɓe ka. In ƙafarka ce ke rawa, sauya ta.

Waƙa ba ta maye gurbin bita, faɗuwar gaba kawai take ragewa. Ranar kuma, ko intabiyu ne ko jawabi a taron ƙungiya, ka cire iyafis kamar minti 10 kafin lokaci, ka sha ruwa, ka maimaita jimlarka ta farko a hankali. Kada a kira sunanka sau biyu kunnenka a toshe.