Gargaɗi ga manoman Kura da Bunkure kan masu tallan hannun jarin injin shinkafa

Jama'a, tunda aka fara girbin shinkafa wasu mutane ke zagaya majalisu da kasuwannin yankinmu da motar kamfani, suna tallan sabbin hannayen jari na wani kamfanin casar shinkafa. Sukan ce farashin asali na kowane hannun jari naira 1 ne, amma saboda kamfani ya bunƙasa yanzu naira 5 suke sayarwa. Aikina riƙe littattafan kuɗi ne, kuma rasit ɗin da wasu dattawa suka nuna mini ya tayar mini da hankali.

Sayar da sabon hannun jari sama da farashinsa na asali ba laifi ba ne, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta yarda da shi. Abin da za a duba shi ne inda ƙarin naira 4 ɗin ke tafiya. A ce manomi ya kawo naira 500,000. Haƙƙinsa hannun jari 100,000 ne. A littafin kamfani za a rubuta 100,000 a matsayin jarin kamfani, sauran 400,000 kuma a wani asusu na daban, asusun ƙarin kuɗin hannun jari. Duka 500,000 ɗin dukiyar kamfani ce, ba ta darakta ba, ba ta dillali ba.

To su waɗannan mutane sai su raba kuɗin gida biyu. Su ce a tura 100,000 asusun kamfani, 400,000 kuma a kawo a hannu ko a tura wa “manaja” ta mai POS, wai kuɗin shiga ne. Rasit ɗin da na riƙe da hannuna 100,000 kaɗai aka rubuta a kai, da biro, ba lambar rajista, ba adadin hannun jari. Ke nan kashi huɗu cikin biyar na gumin manomin bai taɓa shiga kamfanin ba, kuma ranar da rigima ta tashi ba shi da takardar da zai nuna a kansu. Mutumin da ya yi rani a fadama yana sayen fetur yana ban ruwa, a yi masa haka, wallahi zalunci ne.

Suna kuma alƙawarin riba duk wata, wai daga ƙarin kuɗin za a riƙa biya. Doka ba ta yarda a raba wannan asusu a matsayin riba ba. Abubuwan da ake yi da shi ƙayyadaddu ne, kamar ba masu jari ƙarin hannun jari kyauta ko biyan kuɗin hidimar fitar da hannun jarin. Riba daga cinikin kamfani take fitowa, bayan an rufe lissafi. Wanda ya ba ka “riba” tun injin bai casa buhu ɗaya ba, kuɗinka ko na maƙwabcinka ya yanko ya miƙo maka.

Ita kanta naira 5 ɗin a tambayi dalilinta. In kamfani na da hannun jari miliyan 10, farashin naira 5 na nufin suna cewa ya kai naira miliyan 50. In inji da fili da shinkafar sito sun kama miliyan 20, ana bin su bashin miliyan 8, saura miliyan 12, wato naira 1 da kwabo 20 kowane hannu. Kamfani mai ciniki na iya wuce ƙimar kayansa, amma sai an gani a rahoton kuɗi na shekara, ba a baki ba.

Sannan a dubi sunan. Kamfanin da sunansa ya ƙare da LTD, mai zaman kansa, an hana shi gayyatar jama'a gaba ɗaya su sayi hannun jarinsa, kuma masu jarinsa ba sa wuce 50 in ban da ma'aikatansa. Tallan kasuwa na kamfanin da sunansa ya ƙare da PLC ne, shi ma sai da rajistar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. A sa yaro mai waya ya bincika sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In lambar ta fara da BN maimakon RC, sunan kasuwanci ne kawai, ba shi da hannun jarin da zai sayar.

Wanda ya riga ya biya, ya nemi rasit na cikakken kuɗin da sunan kamfani, ya ce a nuna masa sunansa a rajistar masu jari. Kamfani na da kwana 15 ya sanar da CAC rabon hannun jarin da ya yi, da wata biyu ya shirya takardar shaidar hannun jari. In lokacin ya wuce suna ta kwana-kwana, ku adana saƙon banki da takardar POS, ku haɗa kai da sauran waɗanda suka biya, ku sanar da dagaci, ku kai ƙorafi a rubuce ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano.