Kasuwancin mutum ɗaya ko kamfani: wa zai biya in bashi ya hau?

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya karɓi atamfa ta naira miliyan 10 bashi, sai gobara ta cinye shagon, abin da ya saura bai wuce na miliyan 3 ba. Idan sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne. Mai bin bashi na iya zuwa kotu ya nemi ragowar miliyan 7 daga motarsa ko filinsa. Haɗin gwiwa ya fi wannan haɗari, domin bashin da abokinka ya ci da sunan kasuwancin yana iya faɗowa kanka ko ba ka sani ba.

Kamfani kuwa doka na ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa. Shi ake bi bashin, mai hannun jari ba ya asarar fiye da abin da ya zuba ko ya yi alkawarin zubawa. Sai dai bankuna sun san wannan, shi ya sa sukan sa darakta ya tsaya wa rancen da kansa. Da ya sa hannu, kariyar ta tafi.

Wajen sauƙin kafawa, sunan kasuwanci ne gaba: rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da kuɗi kaɗan. Kamfani na buƙatar takardun kafawa, jarin hannun jari aƙalla naira 100,000 da rahoton shekara-shekara, kodayake dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa shi. A ganina, mai ɗaukar kaya bashi da yawa ya daure ya yi kamfanin.