Karatun rukuni ko na kaɗaici: wanne ya fi wa mai shirin JAMB?

"Yaya, saura wata biyu mu rubuta JAMB. Mu tara ne muke haɗuwa kullum a gidan wata ƙawarmu, amma sai in ga kamar ba abin da nake tsinanawa. In na zauna ni kaɗai kuma Kemistiri ya tsaya mini cak. In fita ne ko in zauna? In zaman ne, mutum nawa ya kamata, kuma ya ake tsara shi?"

Ƙanwata, aikin biyun nan daban ne, shi ya sa zaɓar ɗaya ki bar ɗaya ba zai fisshe ki ba. Zaman kaɗaici shi ke sa karatu a kai. Zaman rukuni shi ke tona miki inda karatun bai zauna ba. Kin san wannan tun a Islamiyya: hadda ke kaɗai kike yin ta, ki koma gefe ki yi ta maimaita shafinki, amma ba ki sanin ko ta zauna sai wata ta riƙe miki Alƙur'ani kina kawowa da ka, tana tsayar da ke duk inda kika tsallake aya. Wadda ba ta yi haddar ba, ko mutum goma suka zauna sauraronta ba abin da za su gyara mata. Haka karatun boko yake.

Bari in fara da yawan mutane, don nan ne matsalarku take. Daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, in an cire gaisuwa da jiran masu makara, da ƙyar ku samu minti 90 na aiki. Raba shi tara, kowa minti goma. Kuma ba haka ake rabawa ba: biyu masu baki za su cinye awa guda, sauran su zama 'yan amshin shata. In ku huɗu ne kuwa, kowa na da fiye da minti ashirin, kuma babu lungun ɓuya. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe mai suna Ringelmann ya wallafa wani gwaji a 1913, inda ya sa mutane jan igiya, ya ga duk sa'ad da aka ƙara hannu, ƙarfin da kowane mutum ɗaya ke sawa raguwa yake yi. Kowa na jin ai wani zai ja. Ba sai mutum malalaci ne ba, halin taro ne.

Ni dai uku ko huɗu nake ba da shawara, biyar ita ce iyaka. Mutum biyu suna aiki sosai wajen yi wa juna tambaya, sai dai ran da ɗaya ta yi zazzaɓi zama ya mutu, kuma in suka saɓa a kan amsa babu mai raba gardama. Ku raba taranku gida biyu. Kada ku raba da ƙawance, ku raba da darussan da kowa ta cike. JAMB darussa huɗu ne, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa sun danganta da kwas ɗin da mutum yake nema. Mai neman likitanci tana buƙatar Bayoloji, mai neman injiniyanci Lissafi take buƙata, to in kika haɗa su kullum, rabin lokaci ɗaya tana hamma. Sannan ku kasance kusan tsara a ƙoƙari. In akwai wadda ta yi muku nisa ƙwarai, zaman zai koma lesin, ita tana ta bayani ku kuna gyaɗa kai. Gyaɗa kai kuwa mayaudari ne, don bin bayanin wani yana da daɗi har ki ɗauka kin iya.

Yanzu ga abin da rukuni yake yi wanda ke kaɗai ba za ki iya ba. A ce ku huɗu ne, aka jefo tambaya: an ƙona giram 10 na CaCO₃ har ya tarwatse gaba ɗaya, nawa ne girman iskar CO₂ da za ta fita a s.t.p.? Kowa ta yi nata shiru, minti biyu, ba leƙe. Ta farko ta ce nauyin mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, wato 40 + 12 + 48, don haka giram 10 mol 0.1 ne. Mol ɗaya na CaCO₃ yana ba da mol ɗaya na CO₂, kuma mol ɗaya na iska a s.t.p. yana cin 22.4 dm³, amsa ke nan 2.24 dm³. Daidai ne. Ta biyu ta samu 5.09, saboda ta raba 10 da 44 maimakon 100 kafin ta ninka da 22.4. Ta ga ana maganar CO₂ sai ta ɗauko nauyinsa, ta manta giram goman na CaCO₃ ne. Ta uku ta samu 4.4, lissafinta lafiya lau, amma nauyin iskar ta nemo alhali girmanta aka tambaya. Ta huɗu ita ma ta ce 2.24, da aka ce ta hau allo ta nuna hanya sai ta ce ai ta ga ya yi kama da 22.4 ne.

Ki duba abin da ya faru. Da kowa a ɗakinta take, ta biyu da ta uku za su duba bayan littafi su ga sun faɗi, su ce "af, kuskure ne" su wuce, ba su san ko wane irin kuskure ba ne. Ta huɗun ta fi su shiga haɗari, don za ta yi wa kanta maki ta kwana da murna. Zaman ne ya raba cutar kowa da kowa: ɗaya ba ta san wa za ta raba da wa ba, ɗaya ba ta karanta tambaya har ƙarshe, ɗaya canki-canka take yi. Wani malamin Fiziks a jami'ar Harvard, Eric Mazur, tun farkon shekarun 1990 haka yake tafiyar da ajinsa: kowa ya fara zaɓar amsarsa shi kaɗai, sannan ya juya ya gamsar da na kusa da shi, sannan a sake amsawa. Sirrin yana cikin fara yi kai kaɗai. In aka karanto tambaya mai saurin baki ta faɗi amsa nan take, ta sace wa sauran tunaninsu.

Wani amfanin kuma, littattafan tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a kasuwa ba duka amsoshinsu ne daidai ba. Ke kaɗai in kika saɓa da littafi, kanki za ki zarga. Amma in ku uku kuka bi hanya kuka samu abu ɗaya, littafi ya ce wani abu daban, sai ku kai wa malami ya raba.

Aikin da za ku raba wa juna bai da yawa. Ɗaya ta zo da tambayoyin ranar, kamar goma sha biyar a kan babin da aka yanke, kuma ta warware su tun a gida. Ɗaya ta riƙe agogo, ita ke da ikon cewa an wuce, ita ce kuma mai tsayar da hirar biki. Ɗaya ta riƙe littafin da ake rubuta duk abin da ya gagari kowa, don ya isa gaban malami kafin zama na gaba. Hawa allo kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, kuma wadda ta kuskure amsar tambayar ita ya kamata ta sake hawa ta yi bayaninta bayan an gyara mata. Duk mako a juya, kada wata ta zama shugaba ta dindindin.

Dokoki ma kaɗan sun isa, in dai ana bin su. Babba a cikinsu: wadda ba ta karanta babin a gida ba, ba ta da abin kawowa, kuma ba za a tsaya a koya mata daga farko ba. Wayoyi a tara su wuri ɗaya a kife. Tambayar da aka yi minti biyar ana ja-in-ja a kanta, a rubuta ta a wuce. Wadda ta yi fashi sau biyu a jere ba uzuri, a yi mata magana cikin mutunci. Na san wannan ita ce mai wuyar, don ƙawa ce, wataƙila ma a gidansu ake zaman. Amma taron tsintsiya ba shara ba zai kai kowa jami'a ba. Kuma ku daina haɗuwa kullum. Sau biyu a mako ya isa, don in kullum kuna tare, yaushe za ku yi karatun da za ku kawo?

Akwai kuma abubuwan da kaɗaici ya fi rukuni a kansu nesa ba kusa ba. Duk abin hadda, irin su sinadarai ashirin na farko da lambobinsu, da fomuloli na Fiziks, da sassan jikin ɗan Adam a Bayoloji, ke kaɗai za ki yi shi, ki rufe littafi ki rubuto da ka, ki buɗe ki duba. Babin da ba ki taɓa gani ba ma ki fara shan wahalarsa ke kaɗai, ko ba ki gane duka ba, don ki je zama da tambaya takamaimai. "Ban gane mol ba" ba tambaya ba ce. "Me ya sa aka raba da 100 ba da 44 ba" ita ce tambaya. Littafin labarin da JAMB ke sawa a karanta don Turanci shi ma ki karanta da kanki, taƙaitawar ƙawa ba ta riƙe ƙananan abubuwan da ake tambaya.

Sai batun gudu, wanda rukuni ba ya koyarwa ko kaɗan. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran ukun. In kika raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, kuma ta lissafi irin ta CaCO₃ ɗin nan za ta ci fiye da haka, dole ki tara rarar lokaci daga masu sauƙi. Wannan sai kin zauna ke kaɗai da agogo, awa biyu cur ba tashi, a kan kwamfuta in da hali tunda a kanta za a rubuta. Ki yi haka sau ɗaya a mako daga yanzu. A mako biyun ƙarshe ki ƙara shi, ki rage zaman rukuni zuwa sau ɗaya, don a lokacin raunin kowa ya sha bamban kuma naki za ki bi.

In kina son sanin ko sabon rukunin yana yi miki aiki, kada ki auna da daɗin zaman. Washegari da safe ki ɗauko tambaya uku makamantan na jiya waɗanda ba ku yi ba, ki rufe littafi ki warware. In kina cin biyu ko uku, ki ci gaba da zuwa. In mako biyu sun wuce kina tsayawa a layin farko, ki janye, ki nemi mutum ɗaya tak da za ku riƙa yi wa juna tambaya ranar Asabar, Kemistirin kuma ki kai wa malami babin mol ya sake bi da ke daga tushe.